Hawan jinin hanta: yadda jini ke ratsa hanta, da abin da ke sa ya koma da baya

Akan kawo mutum asibiti yana aman jini, a ɗaura masa abin awo a dantse a ga jininsa ƙasa yake, amma bayan an yi sikanin likita ya ce wa dangi hawan jini ne ya fasa masa jijiya. Dangi sukan fita cikin ruɗani, wasu ma su koma gida su ɗauko maganin hawan jinin da wani a gidan yake sha. Matsin da likitan yake magana a kai ba ya cikin jijiyar dantse. Yana cikin wata jijiya ce da ke can cikin ciki, wadda take kwaso jini daga hanji da saifa ta kai shi hanta, kuma abin awon da aka saba da shi ba ya ganinta sam. Ruɗanin ya ƙaru a 'yan shekarun nan saboda ƙa'idar magani ta sauya: yanzu likitoci sukan fara ba wa mai ciwon hanta maganin rage wannan matsi tun kafin a ga manyan jijiyoyin da suka kumbura a cikinsa.

Duk bayanin yana rataye ne a kan tambayoyi biyu. Jini nawa ne yake neman ratsa hanta, kuma a ina hanyarsa ta matse?

Hanyoyi biyu na shiga, ɗaya ta fita

Yawancin gaɓoɓin jiki hanya ɗaya suke samun jini: jijiya ta kawo shi daga zuciya, wata jijiyar ta mayar da shi. Hanta ta fita daban, domin hanyoyi biyu ne suke shigar mata da jini. Nauyinta a jikin babba kusan kilo 1.5 ne, amma tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk jinin da zuciya take turowa, wato kamar lita 1.5 a kowane minti.

Hanya ta farko ita ce jijiyar da take zuwa daga ɓangaren zuciya da jini mai iskar oksijin, da matsi mai ƙarfi irin wanda ake aunawa a dantse. Kashi ɗaya cikin huɗu kawai na jinin hanta take kawowa. Sauran kashi uku suna zuwa ne ta hanya ta biyu, wadda ake kira jijiyar fotal. Ita wannan gajera ce, tsawonta kamar santimita 8, faɗinta kuma ba ya wuce milimita 13 a jikin mai lafiya. Tana samuwa ne a bayan wuyan fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, inda babbar jijiyar da ta kwaso jinin hanji ta haɗu da jijiyar da ta fito daga saifa. Ƙananan jijiyoyi daga tumbi da ƙasan maƙoshi su ma suna zuba a cikinta. Ko da yake jinin fotal ya riga ya ratsa hanji ya rage oksijin, yawansa ya sa kusan rabin oksijin ɗin da hanta take buƙata daga gare shi take samu.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Duk abin da hanji ya tsotsa, sukari ne ko magani ko guba ko ƙwayar cuta, sai ya bi ta hanta kafin ya shiga sauran jiki. Hanta ta ajiye abin ajiyewa, ta sarrafa abin sarrafawa, ta kawar da mai cutarwa. Shi ya sa wasu magungunan adadin da ake bayarwa a sha ya fi na allura nesa ba kusa ba: hanta takan cinye kaso mai yawa tun a zagayen farko.

Akwai wani abu game da jijiyar fotal da ya kamata a riƙe tun yanzu. Jijiyoyin ƙafa suna da 'yan marufai a ciki waɗanda suke hana jini komawa baya, ita kuwa fotal ba ta da su. Idan gaba ta cushe, babu abin da zai hana matsin ya koma har saifa da hanji da maƙoshi.

Abin da ke faruwa a cikin hantar

Da shigarsu hanta, jijiyoyin biyu suna rarrabuwa tare, reshe bayan reshe, har su zuba jininsu a cikin wasu siraran hanyoyi da ake kira sinusoyid, waɗanda suke ratsa tsakanin layukan ƙwayoyin hanta. Bangon sinusoyid cike yake da ƙananan ɓuloli, don ruwan jini ya riƙa fita yana taɓa ƙwayoyin hanta kai tsaye. Hanyoyin suna da yawa ƙwarai kuma bangonsu mai laushi ne, saboda haka jini yana wucewa ba tare da an tura shi da ƙarfi ba. Daga nan ya taru a jijiyoyi uku da suke fita ta saman hanta, su zuba a babbar jijiyar da take komawa zuciya.

Matsin jini a fotal na mai lafiya yana tsakanin 5 zuwa 10 mmHg, alhali na dantse yana kai 120. Amma abin da likitoci suka fi kula da shi shi ne tazarar da ke tsakanin matsin mashiga da na mafita, domin ita ce take nuna wahalar da jini yake sha wajen ratsa hanta. A jikin mai lafiya tazarar ba ta wuce 5 ba. Idan ta haura 5, hawan jinin fotal ya fara, ko da mutum bai ji komai ba. Daga 10 zuwa sama ne jijiyoyi suke fara kumbura, ruwa ya fara taruwa a ciki. Daga 12 kuma haɗarin fashewar jijiya ya tabbata. Lambobin ƙanana ne, amma jijiyoyin da suke ɗaukar wannan matsi ba a yi su don ɗaukar kaya ba.

Turjiya da yawan jini

Matsi a kowace jijiya yana fitowa daga abu biyu, kuma akan rubuta shi haka:

P = Q × R

P shi ne matsi, Q yawan jinin da yake gudana, R kuma turjiyar da hanya take yi masa. Idan tazarar mutum 4 ce sannan turjiyar hantarsa ta ninka sau uku, tazarar ta koma 12. Idan a kan haka jinin da yake shigowa ya ƙaru da rabi, ta koma 18. A jiki lissafin bai kai haka tsafta ba, tun da wani jinin yana sulalewa ta wasu hanyoyi, amma ya nuna yadda abubuwan biyu suke ninka juna.

Turjiya ce take fara tashi. A bayan bangon sinusoyid akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro waɗanda a lokacin lafiya aikinsu ajiye bitamin A ne. Idan hanta ta daɗe tana shan rauni, daga ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C, ko barasa, ko kitse, waɗannan ƙwayoyi sukan sauya hali su fara zuba zaren tabo. Ɓulolin bango su toshe, hanyoyi su ƙanƙance, ƙwayoyin hantar da suka rage su tsiro dunƙule-dunƙule suna danne jijiyoyin da ke kusa da su. Wannan shi ne sirosis, wato taurarewar hanta. Ƙanƙancewa kaɗan tana da babban tasiri, domin idan faɗin jijiya ya ragu da rabi, turjiyarta sau 16 take ninkawa.

Ba duk turjiyar ce tabo ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari nata na gini ne, tabo da dunƙule, sauran kusan 30 kuwa tsukewa ce mai rai. Ƙwayoyin taurarin nan suna iya murɗewa su matse sinusoyid, kuma hantar da ta yi sirosis ba ta samar da isasshen naitirik oksaid, sinadarin da yake sassauta jijiya. Wannan kason ne magani yake iya taɓawa cikin kwanaki.

Sai abu na biyu, wanda ya daɗe yana ba masana mamaki. A daidai lokacin da hanta take ƙarancin naitirik oksaid, jijiyoyin hanji suna samar da shi fiye da kima. Ƙwayoyin cuta da suke ketowa daga hanjin da ya kumbura suna daga cikin abin da ke ingiza hakan. Jijiyoyin hanji su buɗe, jini mai yawa ya kwarara cikinsu, daga can ya nufi fotal wadda dama a cushe take. Saboda jini ya taru a yankin ciki, matsin dantse yakan sauka. Ƙoda ta ɗauka jiki ya rasa ruwa, sai ta fara riƙe gishiri da ruwa. Zuciya ta ƙara sauri, jini ya ƙara yawa, fotal ta ƙara cika. A nan ne amsar ruɗanin dangi take: matsin fotal yana sama, na dantse yana ƙasa, kuma sanadinsu ɗaya ne.

An daɗe ana jayayya kafin a kai ga wannan fahimta. A ƙarshen ƙarni na 19, Guido Banti, likita a birnin Florence na Italiya, ya ɗauka saifa ce tushen cutar, ita take kumbura ta lalata hanta daga baya. A shekarun 1930 likitocin tiyata a New York suka auna matsin jijiyar saifa kai tsaye a lokacin aiki, suka ga a sama yake, aka gane kumburin saifa sakamako ne na jinin da ya rasa mafita. Daga nan aka kasu biyu. Wasu suka ce toshewa ce kaɗai, jini yana taruwa a bayanta. Wasu suka ce in toshewa ce kaɗai, me ya sa matsin ba ya sauka bayan jini ya samu hanyoyin kewaye masu faɗi? Gwaje-gwajen Roberto Groszmann da abokan aikinsa a kan ɓeraye a shekarun 1980 sun nuna cewa jinin da yake shiga yankin fotal yana ƙaruwa sosai. A yau an yarda kowane ɓangare yana da rabin gaskiya: turjiya ce take fara cutar, ƙaruwar jini ce take riƙe ta.

Wurin da hanya ta matse

Matsi ɗaya ne, amma inda toshewar take shi yake bambanta majinyaci da majinyaci. Tana iya zama kafin hanta, ko a cikinta, ko bayanta.

Kafin hanta, abin da aka fi gani shi ne gudan jini ya toshe jijiyar fotal kanta. A yara wannan yakan samo asali tun daga jego. Jijiyar cibiyar jariri a haɗe take da reshen hagu na fotal, don haka idan cibiya ta ruɓe saboda abin da aka shafa mata ko abin da aka yanke ta da shi, cutar tana iya bin jijiyar ta shiga ciki. Jaririn ya warke a ido, sai bayan shekaru a ga yaro da ƙatuwar saifa yana aman jini, hantarsa kuwa lafiya lau. Bayan hanta kuma, toshewar jijiyoyi ukun mafita ko ciwon zuciya na ɓangaren dama suna hana jini fita. Tarin fuka ma yana iya kama jakar da ta lulluɓe zuciya ya taurarar da ita, mutum ya zo da ciki cike da ruwa a yi ta neman laifin hanta alhali matsalar a ƙirji take.

Na cikin hanta su ne mafi yawa, kuma misalin mutum biyu zai fi fito da bambancinsu.

Na farko ɗan kasuwa ne mai shekara 45, yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B tun yarinta bai sani ba. Irinsa ba su da wuyar samu: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da ita. Ya zo da kumburin ciki da ƙafa, idonsa da ɗan shawara, awon dantse 100 bisa 60. Sikanin ya nuna hanta ta tsuke gefenta ya yi gargada, saifa ta kai santimita 16, fotal ta buɗe zuwa milimita 15. Ƙwayoyin filetilet, masu taimakawa jini ya daskare, sun sauka zuwa 85,000, alhali ƙa'idarsu daga 150,000 take farawa. A cibiyar da take da kayan aiki, ana zura siririn bututu ta jijiyar wuya har cikin ɗaya daga jijiyoyin mafitar hanta. A auna matsi bututun yana sake, a samu 6. Sai a hura 'yar balan-balan a toshe jijiyar, jinin da ya tsaya a gabanta ya isar da matsin da ke cikin sinusoyid, a samu 22. An cire 6 daga 22, saura 16. Wannan ita ce lambar da ake rubutawa HVPG a takardar sakamako, kuma 16 ta wuce iyakar haɗari.

Na biyu manomi ne mai shekara 30 a gonakin noman rani na Jazira a Sudan, inda Hausawa da yawa suka daɗe suna noma, kuma inda tsargiyar hanji ta yi katutu. Tun yana yaro yake shiga magudanan ruwa masu katantanwa. Tsutsar wannan nau'i, wadda ake kira mansoni, tana zama ne a jijiyoyin hanji, jinin fotal ya riƙa kwasar ƙwanta yana kai wa hanta. Ƙwan ya fi ƙarfin ƙananan rassan fotal, sai ya maƙale a can, jiki ya kewaye shi da kumburi, kumburin ya zama tabo mai kauri a jikin rassan. William Symmers ne ya bayyana wannan tabo a Masar a 1904. Manomin nan ya yi aman jini sau biyu, saifarsa ta sauko har kusa da cibiya, amma ba shi da shawara, ƙarfinsa na nan, gwajin aikin hantarsa kusan daidai yake. Idan aka yi masa awon bututun nan, za a iya samun 9 da 5, tazara 4, wato lafiya a takarda. Awon bai yi ƙarya ba, abin da ke cikin sinusoyid ya faɗa. Toshewar tana can kafin jini ya kai sinusoyid ɗin ne, inda bututun ba ya gani.

Bambancin yana da nauyi. Manomin yana da ƙwayoyin hanta masu aiki, don haka idan aka tsayar masa da jini ya fi saurin farfaɗowa, kuma maganin farazikwantel yana kashe tsutsar, har tabon da bai tsufa ba yakan ragu. Ɗan kasuwar kuwa yana fama da matsi da gazawar hanta a lokaci guda. A Arewacin Najeriya tsargiyar mafitsara, mai sa fitsarin jini, ita ta fi yawa, kuma ba ita ce take jawo wannan tabo ba. Amma nau'in hanjin yana nan a wasu wuraren noman rani, haka ma a kwarin kogin Kwara a Nijar, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya haɗa ta da ciwon hanta nau'in B, abin ya zo masa da wuri kuma da tsanani.

Inda jinin yake ɓullewa

Mai noman rani ya san abin da ke faruwa idan babbar magudana ta cushe: ruwa yakan koma baya ya cika ƙananan lambatu, ya ɓalle ta inda bango ya fi rauni. Akwai wurare kaɗan a jiki inda rassan fotal suke haɗuwa da jijiyoyin da suke komawa zuciya ba tare da bin hanta ba. A lokacin lafiya sirara ne, kusan a rufe. Idan matsi ya tashi sai su buɗe su kumbura, jiki kuma ya ƙara tsiro da sababbi.

Mafi haɗari su ne na ƙasan maƙoshi da saman tumbi, domin a can jijiyoyin suna kwance dab da fatar ciki, babu nama mai ƙarfi da ya tallafe su. Abu uku ne suke sa jijiya ta fashe: ƙarfin matsi, girman jijiyar, da sirantar bangonta. Shi ya sa mai leƙa ciki da na'urar endoskofi yake duba girmansu da kuma jajayen alamu a jikinsu, waɗanda suke nuna inda bango ya sirance. Kusan rabin masu sirosis suna da waɗannan jijiyoyi a lokacin da aka gano cutar. Ba sa ciwo. Alamar farko takan zama aman jini ko baƙin bayan gida mai danƙo da wari, kuma ko a asibitoci masu kayan aiki, tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda suka zubar suna rasuwa cikin mako shida. Sauran mahaɗun suna kewayen cibiya, inda jijiyoyi sukan fito raɗau a fatar ciki, da kuma dubura, inda akan ɗauke su a matsayin basir ko da yake abu biyu ne daban.

Saifa tana kumbura saboda jininta ya rasa mafita, kuma idan ta girma takan riƙe filetilet a cikinta. Sau da yawa saukar filetilet a gwajin jini na yau da kullum ita ce alamar farko. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, shi ma yana kumbura saifa, don haka girman saifa shi kaɗai bai isa hujja ba sai an duba hanta da fotal a sikanin.

Ruwan ciki kuma daga sinusoyid yake tsatsowa. Matsi yana tura ruwa ta bangonsu fiye da yadda hanyoyin kwashewa za su iya ɗauka, ya ɗiga daga jikin hanta ya taru a ciki, ƙoda kuma tana ta ƙara gishiri da ruwa. Wannan ya bayyana abin da ya sa ɗan kasuwar yake da ruwa, manomin kuwa ba shi da shi ko kaɗan ne: sinusoyid ɗin manomin ba sa cikin matsi. Akwai gwaji mai sauƙi da yake raba ruwan hawan fotal da na tarin fukan ciki ko sankara. A auna furotin ɗin albumin na jini da na ruwan cikin a rana ɗaya, a cire na biyu daga na farko. Idan na ɗan kasuwar 2.8 ne a jini, 0.9 a ruwa, tazarar 1.9 ce. Daga 1.1 zuwa sama, matsin fotal ne. Ƙasa da haka, a nemi wani dalilin.

Sai ƙwaƙwalwa. Jinin da ya kewaye hanta yana tafe da amoniya daga hanji ba a tace ba. Mutum ya fara barci da rana yana farke da dare, ya riƙa mantuwa, hannunsa na karkarwa idan ya miƙe shi, magana ta rikice. Dangi sukan danganta wannan da iska ko taɓin hankali, alhali sau da yawa taurin bayan gida, ko wata cuta da ta shiga jiki, ko jinin da ya zuba a hanji ne ya tayar da shi, kuma yana lafawa da maganin laktulos da magance abin da ya jawo.

Sabuwar ƙa'ida da muhawarar da ke kanta

Tun 1990 masana wannan fanni suke taruwa lokaci-lokaci a ƙarƙashin sunan Baveno, wani gari a arewacin Italiya, suna fitar da matsaya. Tsohuwar hanya ita ce a leƙa cikin duk mai sirosis da endoskofi, in an ga manyan jijiyoyi a ba shi magani ko a ɗaure su da 'yan robobi. Maganin shi ne furofaranolol, wanda Didier Lebrec da abokansa a Faransa suka nuna amfaninsa a farkon shekarun 1980. Yana rage bugun zuciya, yana kuma tsuke jijiyoyin hanji, wato yana rage Q a lissafin nan. Kabedilol, wanda ya zo daga baya, yana yin haka sannan ya ɗan sassauta turjiyar cikin hanta.

Taro na bakwai, a 2021, ya matsar da layin baya. Wani gwaji da aka yi a Sifen aka buga a 2019 ya nuna cewa ba da irin wannan magani ga waɗanda tazararsu ta kai 10 yana rage aukuwar matsalolin cutar, musamman taruwar ruwa. Sai aka ce a daina jiran jijiya ta girma, a fara magani da zarar matsi ya kai wannan mataki. Tun da awon bututu ba ko'ina ake yinsa ba, aka amince da na'urar da take auna taurin hanta daga waje. Idan taurin bai wuce kilofaskal 15 ba kuma filetilet sun kai 150,000, ana iya cewa matsin bai kai na haɗari ba. Idan ya kai 25, ana ɗauka ya kai.

Masu goyon baya suna cewa wannan yana rage wa mutane wahalar endoskofi da kuɗinsa, kuma ƙwayar magani tana rage matsin gaba ɗaya, alhali ɗaurin roba jijiyar da aka ɗaure kawai yake gyarawa. Masu ɗari-ɗari suna nuna cewa mutane da yawa suna faɗawa tsakanin 15 da 25, inda awon ba ya yanke hukunci. Taurin yakan tashi na ƙarya idan an ci abinci kafin awo, ko ciwon hanta ya motsa, ko zuciya ta gaza. An samo lambobin ne galibi daga majinyatan Turai masu sirosis, kuma ba sa aiki ga irin manomin Jazira, wanda hantarsa za ta iya nuna laushi jijiyoyinsa kuwa suna gab da fashewa. Maganin kansa bai dace da mai asma ba, kuma akan rage shi ko a dakatar idan awon dantse ya sauka ƙasa da 90 ko ƙoda ta fara gazawa. A irin waɗannan, ɗaurin roba yana nan a matsayinsa. Wanda ya riga ya taɓa zubar da jini kuwa babu saɓani a kansa: ana haɗa masa biyun, domin in an bar shi haka kusan kashi 60 cikin ɗari suna sake zubarwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Abin da ya shafi majinyaci da masu jinyarsa

Ba kowane maganin hawan jini na gama-gari ne yake sauke matsin fotal ba, wasu nau'o'insa ma suna cutar da ƙodar mai ruwan ciki. Haka magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takarda ba: suna iya tayar da zubar jini, suna kuma sa ƙoda ta ƙara riƙe gishiri. Gishirin da aka yarda wa mai ruwan ciki kamar giram 5 ne a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na cikin dunƙulen miya da kanwa, ba wanda aka barbaɗa da hannu kaɗai ba.

Idan an zubar da jini, dangi sukan matsa a ƙara leda bayan leda har majinyaci ya yi jajur. Likitoci da gangan suke tsayawa idan awon himogulobin ya kai 7 zuwa 8, domin cika jijiyoyi da jini yana ƙara Q, matsin fotal ya sake tashi, jijiyar da ta fara rufewa ta sake ɓallewa. Wani babban gwaji da aka buga a 2013 ya nuna waɗanda aka taƙaita wa ƙarin jini sun fi tsira. Ana kuma ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga farko, a yi ƙoƙarin leƙawa da ɗaurewa cikin awa 12. Inda duk wannan ya gaza, akwai aikin da ake saka bututun ƙarfe a cikin hanta ya haɗa fotal da jijiyar mafita kai tsaye. Matsi yana sauka nan take, amma jini mai yawa yana wucewa ba a tace ba, rikicewar ƙwaƙwalwa ta ƙaru, kuma aikin yana da tsada, cibiyoyin da suke yinsa kaɗan ne a Afirka ta Yamma.

Ta ɓangaren turjiya kuwa, cire sanadin cutar ne yake sauke ta. A da ana ɗauka tabon hanta ba ya komawa, amma an ga yana raguwa a jikin mutane da yawa da suka yi shekaru suna shan tenofobiya don nau'in B, ko suka warke daga nau'in C, ko suka bar barasa gaba ɗaya. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin jadawalin yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farkon ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin cutar da aka ɗauka a jarirantaka ita ce ta fi zama a jiki har ta kai ga sirosis.